Gyaran ido, haƙori da yatsu a hotunan zane na Stable Diffusion ba tare da ɓata salon hoton ba

Wanda ya saba haɗa hotuna masu salon zane da Stable Diffusion, samfurin AI mai zana hoto daga umarnin rubutu, ya san yadda hoto kan fito da kyau ta kowane ɓangare, launi ya zauna, haske ya yi daidai, amma da an matso kusa sai a ga ido ɗaya ya fi ɗaya girma, haƙora sun narke sun zama farin dunƙule, hannun da ke kan kunci kuma yana da yatsu shida. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su sake danna `Generate` har a dace, ko su cika akwatin `Negative prompt` da sunayen duk aibin da suka taɓa gani. Hanya ta farko tana zubar da hoton da ya riga ya yi kyau, ta biyu kuma ba ta cika yin tasiri ba, domin samfurin ba ya ƙirga yatsu balle a ce masa ya rage ɗaya. Abin da ke aiki shi ne gyaran wuri guda: a killace inda ya lalace, a gyara siffarsa da hannu ko da zanen bai yi kyau ba, sannan a bar samfurin ya sake zana wurin kaɗai da ƙarfi matsakaici. Zan yi bayanin da manhajar AUTOMATIC1111, saboda sunayen maɓallanta ne suka fi yaɗuwa, amma dabarar ɗaya ce a ComfyUI da sauran makamantanta.

Dalilin lalacewar, da yadda ake bambance iri biyu

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san cewa Stable Diffusion ba a kan fiksel ɗin hoto yake zane kai tsaye ba. Yana aiki ne a kan wani matsattsen kwafi na hoton, wanda ɓangaren da ake kira VAE ke ragewa sau takwas a faɗi, sau takwas a tsawo. Hoto mai fiksel 512 a kowane gefe yana komawa gurbi 64 a kowane gefe, kuma a cikin waɗannan guraben ne samfurin ke yanke shawarar abin da zai kasance a ko'ina. Saboda haka idon da faɗinsa fiksel 24 ne a hoto, gurbi uku kacal yake da shi. A cikin gurbi ukun nan ake so a sami farin ido da baƙinsa da ɗigon haske da fatar ido, don haka ba abin mamaki ba ne idan ya fito a murɗe. Bakin da faɗinsa fiksel 32 ne yana da gurbi huɗu, kuma babu yadda haƙora shida za su rabu da juna a gurbi huɗu.

Wannan shi ne nau'in farko na lalacewa, wato ƙarancin fili. Alamarsa ita ce abin yana inda ya kamata, girmansa ma daidai ne, amma cikinsa ya dagule kamar an shafa shi da yatsa kafin fenti ya bushe. Maganinsa mai sauƙi ne, a ƙara wa wurin fili a sake zana shi.

Nau'i na biyu shi ne kuskuren siffa. A nan zanen yana da tsabta, layuka sun fito sarai, amma abin da aka zana ba daidai ba ne: yatsu shida waɗanda kowanne ya fito da farcensa, ko ido biyu masu kyau waɗanda kowanne ke kallon wani gefe daban, ko jerin haƙora biyu a sama. Ƙara fili ba ya gyara wannan, sai ma ya ƙara fito da kuskuren fili, domin samfurin zai ƙawata yatsa na shida kamar yadda ya ƙawata sauran. Wannan nau'in shi ne ke buƙatar hannun mutum. A ganina, rashin bambance waɗannan biyun shi ne babban abin da ke sa mutane su ɓata lokaci mai yawa suna jujjuya lambobi ba tare da an ci gaba ba.

Wani abu da ya kamata a kashe tun farko shi ne `Restore faces`. GFPGAN da CodeFormer, waɗanda ke bayan wannan zaɓin, an horar da su ne a kan fuskokin mutane na gaske, don haka idan aka sa su a kan fuskar zane sukan cusa mata fata da idanu irin na hoton kyamara, fuskar ta rabu da sauran jikin hoton.

Hoton da za mu yi aiki a kansa

Mu ɗauka muna da hoto mai faɗin 512 da tsawon 768, wanda aka haɗa da wani samfurin zane na dangin Stable Diffusion 1.5. Mace ce daga kai zuwa ƙugu, tana murmushi, ta ɗan juya fuska zuwa dama, ta ɗora hannunta na hagu a kan kunci. Faɗin fuskar kimanin fiksel 110 ne. Idon da ya fi kusa da mai kallo ya fito da kyau, na nesa kuma baƙinsa ya zame zuwa gefen hanci har ta yi kama da mai harara-garke. Haƙoran sun haɗe da leɓen ƙasa. Hannun yana da yatsu biyar a jere ban da babban yatsa.

Abu na farko shi ne a adana bayanan hoton. A jefa shi a shafin `PNG Info`, a kwafe umarnin da aka rubuta da sunan samfurin da duk wani LoRA da aka yi amfani da shi, wato ƙaramin ƙari da ake ɗora wa samfuri domin ya kawo wani salo, a ajiye su a wani wuri, domin da zarar hoton ya bi ta manhajar zane waɗannan bayanai kan iya ɓacewa. Gyaran dole ne a yi shi da samfurin da ya haɗa hoton da kuma LoRA ɗinsa, in ba haka ba kaurin layi da yanayin inuwa za su bambanta a wurin da aka gyara.

Abu na biyu shi ne a ninka girman hoton kafin gyara. A shafin `Extras` a zaɓi `R-ESRGAN 4x+ Anime6B` idan zanen mai layuka ne da launi shimfiɗaɗɗe, a sa ninki biyu, hoton ya koma 1024 da 1536. Dalilin yin haka tun yanzu shi ne, duk kyan da samfurin ya zana ido, a ƙarshe manhajar za ta mayar da shi girmansa na cikin hoton ta manna. Idan idon fiksel 24 ne, duk aikin da aka yi zai matse ya koma fiksel 24. Bayan ninkawa idon ya zama 48, fuskar ta zama 220, kuma yanzu akwai inda gyaran zai zauna. A riƙa ajiye kowane mataki a PNG, saboda JPEG yana ƙara ƙananan tabo a gefen layuka duk lokacin da aka adana, samfurin kuma kan ɗauki tabon a matsayin wani abu da aka zana da gangan.

Saituna huɗu da ke riƙe da aikin

A shafin `img2img` akwai sashen `Inpaint`, inda ake shafa burushi a kan wurin da ake son gyarawa. Saitunan da ke ƙasa suna da yawa, amma huɗu ne ke yanke hukunci.

Na farko shi ne `Inpaint area`, wanda za a sa a `Only masked`. Da wannan zaɓin manhajar tana yanko wurin da aka shafa tare da ɗan kewayensa, ta faɗaɗa shi zuwa faɗi da tsawon da aka rubuta a `Width` da `Height`, ta zana, sannan ta mayar da shi. Ga samfurin 1.5 a sa 512 da 512, ga SDXL kuma 1024 da 1024, domin a kan waɗannan girma aka horar da su.

Na biyu shi ne `Only masked padding, pixels`, wato yawan kewayen da samfurin zai gani. Yana zuwa a 32, kuma sau da yawa wannan ya yi kaɗan. Idan samfurin bai ga hanci da gira ba, bai san ido yake zanawa a fuskar da ta juya ba. Idan kuma kewayen ya yi yawa, faɗaɗawar ta ragu an koma matsalar ƙarancin fili. Ana iya lissafa wannan. A hotonmu, shafen da ya rufe idanu biyu faɗinsa 160 ne, tsawonsa 60. Da kewayen 64 a kowane gefe, faɗin yankin ya zama 288, manhajar kuma za ta ƙara tsawon ya yi daidai da murabba'i. Idan aka faɗaɗa 288 zuwa 512, ido mai fiksel 48 ya zama kimanin 85, wato ya sami gurbi goma da ɗoriya maimakon uku da yake da su da farko.

Na uku shi ne `Masked content`, kuma a duk aikin da ke gaba a bar shi a `original`, wanda ke sa samfurin ya fara daga abin da ke ƙarƙashin shafen. Tunda za mu gyara siffar da hannu, muna so ya bi abin da muka zana.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne `Denoising strength`, wato ƙarfin sake zane. Yana nuna yawan ɗige-ɗigen da za a watsa wa wurin kafin samfurin ya sake gina shi. A ƙasa da 0.3 samfurin yana goge-goge ne kawai, ba ya canza siffa. Tsakanin 0.35 da 0.5 yana gyara layi da inuwa yana kuma riƙe da siffar da ya tarar. Daga 0.6 zuwa sama yakan fara ƙirƙiro sabon abu, a 0.75 kuma, wanda shi ne lambar da manhajar ke zuwa da ita, abin da ke ƙasa ya kusa zama shawara kawai. Waɗannan iyakoki suna ɗan motsawa daga samfuri zuwa samfuri, amma tsarin bai canzawa. A nan ne tarkon yake: ƙarfin da zai iya cire yatsa na shida shi ne kuma ƙarfin da zai iya canza hannun gaba ɗaya ya kawo wani sabon kuskure. Shi ya sa ake cire yatsan da hannu, a bar wa samfurin aikin da ƙaramin ƙarfi zai iya.

Akwai wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa. A tsarin manhajar na asali, matakan da ake yi a `img2img` su ne `Sampling steps` a ninka da ƙarfin sake zane, don haka matakai 20 a ƙarfin 0.4 kimanin takwas ne kacal. Idan gyaran yana fitowa a dushe, a ɗaga matakan zuwa 40 ko 50 kafin a zargi wani abu.

Hannu tukuna

Ana fara gyara daga abin da ya fi girma kuma ya fi buƙatar canji, saboda a hotonmu hannun yana kan kunci, kuma duk abin da aka yi masa zai taɓa gefen fuska da ƙila kusurwar baki. Idan aka fara da baki, za a sake shi.

A buɗe hoton a manhajar zane kamar Krita ko GIMP, a ƙara sabuwar leya a sama domin ainihin hoton ya tsira. Kafin a goge komai, a tantance wane yatsa ne baƙo. Hanyar ganewa ita ce a bi kowane yatsa daga farce zuwa gaɓar da ya tsiro a bayan hannu. Sau da yawa za a tarar gaɓoɓi huɗu ne amma yatsu biyar, wato akwai ɗaya da ba shi da tushe, ko biyu da suka fito daga gaɓa ɗaya, kuma wannan shi ne na cirewa. Idan duk suna da tushe, a cire na can gefe wajen ƙaramin yatsa, a rage faɗin bayan hannun kaɗan, sannan a gajarta wanda ya zama na ƙarshe domin ya yi kama da ƙaramin yatsa. Tsarin tsawo shi ne na tsakiya ya fi kowa, manuniya da mai bi wa na tsakiya sun kusa daidai, ƙaramin kuma ya tsaya wajen gaɓar ƙarshe ta maƙwabcinsa. A kuma duba babban yatsa yana gefen da ya dace; hanya mafi sauri ita ce mutum ya ɗora nasa hannun na hagu a kuncinsa a gaban madubi ya ga inda babban yatsan ya faɗa. Hannun dama a jikin kafaɗar hagu kuskure ne da ke yawan wucewa ba a lura ba, domin ido yana shagala da ƙirga yatsu.

Cirewar kanta ba ta buƙatar gwanintar zane. A Krita, riƙe `Ctrl` da danna wuri yana ɗauko launinsa. A ɗauko launin abin da ya kamata ya kasance a bayan yatsan, a nan launin kunci ne, a shafe yatsan da burushi mai kaifin baki har ya ɓace. Daga nan a ɗauko launin layin zanen, a ja layin gefen yatsan da ya rage da kauri irin na sauran layukan, a kuma sa 'yar inuwa a ƙarƙashinsa da launin inuwar da ke wani wuri a fuskar. Launukan su fito daga cikin hoton, kada a zaɓo su da ka, saboda a ƙarfin 0.4 samfurin yana riƙe launi sosai, kuma fatar da ta ɗan fi sauran ja za ta ci gaba da zama ja.

A dawo da hoton `Inpaint`, a shafa hannun duka har wuyan hannu, da ɗan kuncin da ke kewaye da shi. Kada a shafa wurin yatsan da aka cire kaɗai, domin samfurin yana ganin tsiri siriri a gefen yatsu, abin da ya fi sauƙi a gare shi kuma shi ne ya mayar da yatsa wurin. A sa kewaye 96 domin ya ga haɓa da damtse, `Mask blur` a 8, ƙarfi a 0.45. Umarnin kuma a taƙaita shi zuwa abin da ke cikin yankin, a riƙe kalmomin salo da LoRA na ainihin hoton:

```
hand on cheek, relaxed fingers, close-up, flat colors, clean lineart
```

Rage umarnin yana da dalili. Idan aka bar bayanin mace da tufafinta da bayan hoton, samfurin yana ƙoƙarin zana duk wannan a cikin yankin da aka ba shi, kuma da ƙarfi ya haura 0.6 za a iya ganin 'yar ƙaramar fuska ta bayyana a tafin hannu. A bar `Seed` a -1, a sa `Batch count` a 4 ko 6, a zaɓi wanda ya fi.

Sakamakon shi ke faɗin abin da za a yi na gaba. Idan shafen burushi yana nan ana ganinsa, ƙarfin ya yi kaɗan, a ƙara 0.05. Idan yatsa na shida ya dawo a yawancin hotunan, ko dai ƙarfin ya yi yawa ko kuma an bar inuwar tsohon yatsan a kan kunci, wadda samfurin ya karanta a matsayin yatsa. A koma a share ta. Idan aka sami wanda yatsu uku suka yi kyau ɗaya bai yi ba, a karɓe shi, a mayar da shi `Inpaint`, a gyara ɗayan kaɗai. Ci gaba daga mafi kyawun sakamako ya fi jiran hoto guda da zai zo cikakke.

Wani lokaci hannun ya lalace har babu abin da za a ceto, yatsu sun sarƙe ba a san farkonsu ba. A nan sai a ɗauki hoton hannu na gaske a irin wannan yanayin, a yanko shi, a daidaita girmansa da launinsa a manna, sannan a ɗaga ƙarfi zuwa wajen 0.55 domin ya koma zane. Idan siffar tana zamewa a wannan ƙarfin, ƙarin ControlNet, wanda ke sa samfurin ya bi siffar hoton da aka ba shi, musamman nau'insa mai karanta zurfi, wato `control_v11f1p_sd15_depth` ga samfurin 1.5, yana riƙe yatsun a inda suke. Sai dai a kula, hoton da aka gyara ake ba shi, domin idan aka ba shi na asali zai riƙe yatsu shidan da aminci.

Haƙora

A nan kuskuren da aka fi yi shi ne neman ƙarin bayani. Mutum ya ga haƙora sun narke sai ya rubuta `detailed teeth`, samfurin kuma ya ba shi ƙananan haƙora masu yawa da baƙin layi tsakanin kowanne, abin da ke sa murmushi ya zama abin tsoro. Yawancin salon zane ba ya raba haƙora ɗaya bayan ɗaya. Masu zane kan yi farin tsiri guda a ƙarƙashin leɓen sama, wani lokaci da ɗan gajeren layi ko biyu, su bar ido ya cika sauran. Saboda haka a duba yadda aka zana hanci da kunne a hoton: idan hancin layi ɗaya ne da ɗigon inuwa, haƙoran ma tsiri ɗaya ya kamata su zama.

A Krita, a cike cikin bakin duka da launi mai duhu, ja mai sirkin ƙasa-ƙasa, ta yadda narkakken farin zai ɓace. A zana tsirin haƙoran sama yana bin lanƙwasar leɓen sama, ya fi kauri a tsakiya ya sirance a kusurwoyi. Kada farin ya zama fari fat. A ɗauko shi daga farin idon da ke da kyau, domin shi ya riga ya dace da hasken hoton. A bar duhu tsakanin tsirin da leɓen ƙasa, saboda wannan ratar ita ce ke hana su sake haɗewa. Tunda fuskar ta juya, tsakiyar haƙoran ba ta tsakiyar faɗin baki take ba, tana ƙarƙashin tsakiyar hanci ne, ɓangaren nesa kuma ya fi gajarta.

A shafa bakin duka tare da leɓɓa, kewaye 64 domin hanci da haɓa su shigo, ƙarfi 0.35 zuwa 0.4, umarni kuma `smile, upper teeth` tare da kalmomin salo. Idan bayan zagaye biyu ko uku bakin bai zauna ba, kuma buɗaɗɗen murmushi ba shi ne jigon hoton ba, rufe bakin gyara ne halastacce: a shafe shi da launin fata, a ja layin murmushi, a rubuta `closed mouth, smile`, a sa ƙarfi 0.5.

Idanu

Ido ne ya fi kowane wuri rashin haƙuri da kuskure, domin nan mai kallo ke fara dubawa, kuma fiksel biyu ko uku na iya canza inda mutum yake kallo. Kafin gyara, a danna `M` a Krita domin a juya hoton kamar a madubi. Idon da ya saba da hoto yakan yafe masa, amma da an juya shi karkacewar kan fito nan take.

Sai a tabbatar cewa bambancin kuskure ne. A fuskar da ta juya, idon nesa dole ya fi na kusa ƙanƙanta a faɗi, amma tsawonsa daga sama zuwa ƙasa ya kusa zama ɗaya. Wanda ya daidaita faɗinsu zai sa fuskar ta baje. Abubuwa huɗu ne ya kamata su yi daidai: layin da ya bi ta kusurwoyin idanun biyu ya yi tafiya ɗaya da layin gira da na baki, launin baƙin idon ya zama ɗaya, su kalli wuri ɗaya, ɗigon haske kuma ya kasance a gefe ɗaya a duka biyun.

Tunda muna da ido ɗaya mai kyau, shi za mu ara, amma a kashi biyu. Siffar fatar ido da gashinsa ana kwafo su a juya su hagu da dama, a matse faɗin kaɗan, a ɗora a kan idon nesa. Baƙin idon da ɗigon haskensa kuwa ana kwafo su ne ba tare da juyawa ba. Idan aka juya idon gaba ɗaya, ɗigon haske zai koma ɗaya gefen kamar fitila biyu ke haska fuskar, kuma idan matar tana kallon gefe, baƙin idon zai koma kishiyar inda ɗan'uwansa ke kallo, a sake samar da karkacewar da ake gudu. A hotonmu fatar idon nesa ba ta lalace ba, don haka ya isa a shafe tsohon baƙin da launin farin ido, a manna kwafin mai kyau, a matse shi kaɗan, a matsar da shi har nisansa daga kusurwar ido ya nuna kallo ɗaya da na kusa. Saman baƙin ido ya ɗan shige ƙarƙashin fatar ido, in ba haka ba fuskar za ta yi kama da ta wadda ta firgita.

Wajen shafawa akwai zaɓi biyu. Shafa idanun biyu tare yana sa samfurin ya zana su da hannu ɗaya, amma yana iya taɓa wanda ba shi da laifi. Abin da na fi so shi ne a shafa idon nesa kaɗai, sannan a ɗiga ƙaramin ɗigon shafe a kan fatar da ke bayan idon kusa, wajen gefen fuska. Manhajar tana yanko yankin da ya ƙunshi duk shafen, don haka wannan ɗigon yana tilasta mata ta haɗa da ido mai kyau a cikin abin da samfurin ke gani, ba tare da an sake zana shi ba. Ƙarfi a nan 0.3 zuwa 0.35 ya isa, `Mask blur` a 4 domin laushin gefen kada ya ci gira, umarnin kuma ya ambaci launin idon da inda take kallo, misali `brown eyes, looking to the side`. Idan launin idon ya canza ko ɗigon haske ya ƙaura, ƙarfin ya wuce kima.

Game da ADetailer, wanda ke gano fuska da `face_yolov8n.pt` ya sake zana ta da kansa a ƙarfin 0.4, yana da amfani sosai ga nau'in farko na lalacewa, musamman ƙananan fuskoki da ke nesa. Kuskuren siffa kuwa ba ya ganinsa, kuma idan mutane da yawa ne a hoto yakan sa fuskokinsu su yi kama da juna, saboda umarni ɗaya yake ba su duka idan ba a raba musu ba.

Haɗe gyare-gyaren su zama fuska ɗaya

Bayan gyara uku, kowane wuri yana iya yin kyau shi kaɗai amma a ga alamar faci. Alamun su ne wani ɗan da'ira mai bambancin launi a kan fata, ko layin da ya yi kauri sannan ya sirance farat ɗaya a iyakar shafe, ko kuma ido ya fi gashi da tufafi kaifi nesa ba kusa ba, tunda shi an zana shi da fili mai yawa. Ana ganin waɗannan da kyau idan aka rage hoton ya zama ƙarami a allo, ko aka mayar da shi baƙi da fari na ɗan lokaci.

Maganin shi ne zagaye ɗaya na ƙarshe: a shafa fuskar duka da hannun, `Mask blur` a 12 zuwa 16, ƙarfi 0.2 zuwa 0.25, a dawo da bayanin fuskar cikin umarni. Wannan ƙarfin bai isa ya motsa ido ko ya ƙara yatsa ba, amma ya isa ya daidaita layi da inuwa. Idan har yanzu launin fata ya bambanta a iyaka, a ɗora sabon hoton a kan na baya a Krita, a goge gefen facin da burushi mai laushi har su narke cikin juna. Idan kuma zagayen ya ɗan taɓa idon da aka sha wahala a kansa, a goge wurin idon daga leyar sama domin na ƙasa ya bayyana, a haɗe leyoyin, a adana a PNG.